Jinkirin shekara goma wajen fara zuba jari

"Ina da shekara 25, albashina kaɗan ne. In na jira sai na kai 35 kafin na fara tarawa, asarar tana da yawa?"

Ɗan'uwa, tana da yawa ƙwarai. Mu ɗauka kana zuba naira 120,000 a ƙarshen kowace shekara, jarin yana kawo ribar kashi 10 cikin ɗari, kuma ba ka cire ribar, kana mayar da ita cikin uwar kuɗi. Idan ka fara yanzu, za ka kai shekara 60 da kimanin naira miliyan 32.5, alhali abokinka da ya fara a 35 zai tashi da miliyan 11.8 kacal.

Abin da ka fi shi zubawa miliyan 1.2 ne kawai. Sai dai wannan kuɗin ya zama miliyan 1.9 a ranar da shi yake farawa, sannan ya samu shekara 25 riba tana haifar riba har ya ninka kusan sau 11, ya koma miliyan 20.7, wato tazarar da ke tsakaninku.

Kashi 10 ɗin misali ne, domin riba tana hawa tana sauka, kuma idan hauhawar farashi ta zarce ta, adadin zai ƙaru amma abin da zai saya zai ragu.