Malamina ya ce rabin maƙalata ciko ne

"Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a ƙasar waje. Malamina ya dawo mini da maƙalata mai kalma 3,000, ya ce rabinta ciko ne. Tsorona in na rage ta koma kamar hirar waya, kuma ta gaza adadin da aka nema. Yaya zan yi?" Daga wata ɗaliba.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Abin da ke sa rubutu ya zama na jami'a abu uku ne: ki faɗi magana takamaimai, ki nuna inda kika samo ta, ki kuma auna ƙarfinta daidai da hujjarki. Tsawon jimla da manyan kalmomi ba sa cikin lissafin. Muddin waɗannan ukun na nan, duk yankan da za ki yi ba zai mai da aikin hira ba.

Kada ki fara da gyaran jimloli. Buga maƙalar a takarda, ki rubuta a gefen kowane sakin layi abin da yake iƙirari, cikin jimla ɗaya tak. Wanda kika rasa abin rubutawa a gefensa, ciko ne. Biyun da suka ba ki jimla iri ɗaya, haɗe su. Galibi sakin layin farko ne ke fara faɗuwa, wato wanda ke buɗewa da "tun fil azal ɗan'adam yake..." ko ma'anar kalma daga ƙamus. Mai duba aikin matsayarki yake nema tun a shafin farko.

Sai jimloli. Zan kawo misali da Hausa, amma cutar ɗaya ce a kowane harshe kike rubutu. A ce kin rubuta:

"Yana da matuƙar muhimmanci a lura da cewa, kamar yadda masana da dama suka yi nuni, akwai yiwuwar cewa wataƙila aikawa da kuɗi da 'yan ci-rani ke yi na iya kasancewa yana da wani irin tasiri a kan batun da ya shafi ci gaba da karatun yara."

Kalma 47 ke nan. Takwas na farko sanarwa ce kawai cewa magana na tafe, goge su. "Masana da dama" ba hujja ba ce: ko ki ambaci sunan masanin da shekarar aikinsa bisa tsarin da sashenku ke bi, ko ki cire. Sannan kin yi kaffa-kaffa har sau uku, da "akwai yiwuwar", da "wataƙila", da "na iya kasancewa". Mafi muni shi ne "wani irin tasiri". Ƙaruwa ce ko raguwa? A wurin su wa? Nan ne ciko ke ɓuya, domin sau da yawa marubuci kan tsawaita jimla ne a daidai inda bai yanke shawarar abin da yake son faɗa ba.

A ƙaddara kin tattauna da iyalai 20. Sai jimlar ta koma:

"A iyalai 14 cikin 20 da aka tattauna da su, kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ne ke biyan makarantar yara, wannan alama ce cewa kuɗin na rage barin makaranta, ko da yake iyalan da aka bincika ba su da yawa."

Ba ta gajarce sosai ba, kuma ba komai. Yanzu akwai adadi, akwai mai yin aiki, akwai abin da wani zai iya musantawa. Kaffa-kaffar ma tana nan, sau ɗaya, tare da dalilinta. Wannan kada ki taɓa shi. Masu zafin yanka sukan share har da shi, su rubuta "kuɗin ci-rani na hana yara barin makaranta", wanda ya fi ƙarfin abin da iyalai 20 za su iya tabbatarwa. Haka kalmomin fanninki: in kin zaɓi ɗaya, riƙe ta daga farko har ƙarshe. Sauya ta don gudun maimaici kan sa mai karatu ya zaci abu biyu kike nufi.

Batun adadi kuwa, in kika sauko kalma 2,000, dubun da ta rage wurin aikin da ke kawo maki ne. Duk inda kika ɗauko maganar wani, bi ta da jimla biyu ko uku na abin da take nufi ga matsayarki. Kawo hujja mafi ƙarfi da ke adawa da ke, ki amsa ta. A misalinmu, wani zai ce ai iyalan da suka iya tura mutum waje tun asali sun fi hali, don haka ba lallai kuɗin ne sila ba. Amsa wannan kaɗai zai ci sakin layi biyu.

Jami'o'i da yawa kan yarda da ƙari ko ragin kashi 10 cikin 100, amma ba duka ba. Duba littafin ƙa'idojin sashenku, ki kuma tabbatar ko jerin manazarta da bayanan ƙasan shafi na shiga ƙidayar, kafin ki san yawan abin da za ki cike.