Kafin ka ɗora bidiyon, fara da maganar kiɗan

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Na gama bidiyon waƙata ta biki a nan Garwa, zan ɗora a YouTube. Me ake rubutawa a ƙasan bidiyo? Sunayen su wa zan sa, kuma ya zan yi mutane su same ta in sun bincika?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Amma fara gaya mini, kiɗan nan na waye? Kana da takarda?

Wani mai situdiyo a Marwa ya karɓi sefa 25,000 a hannuna, ya ce kiɗan ya zama nawa ni kaɗai. Ashe ya riga ya sayar wa wani yaro, yaron kuma ya kai waƙarsa wurin kamfanin da ke rarraba waƙoƙi, suka yi mata rajista a Content ID, wato na'urar YouTube mai gano sautin da aka yi wa rajista a cikin bidiyoyin mutane. Tawa tana tsaka da tashe, ana sa ta a gidajen biki, sai ga sanarwa wai kuɗin talla na wani ne. Na kira mutumin nan har na gaji. Da na je, yana zaune yana shan shayi, ko kujera bai ba ni ba, wai "ai kiɗa ba ya ƙarewa, Malam". Mutumin da na ci tuwo a gidansa! Har yau in na wuce layinsu sai raina ya ɓaci. Allah ya isa kawai.

To, ka sani rubuta "haƙƙin mallaka nawa ne" a ƙasan bidiyo ba ya hana komai. Na'urar sautin take saurara, ba ta duba abin da ka rubuta. Abin da zai cece ka shi ne takarda mai sa hannun mai kiɗa da kwanan wata, ta faɗi ko sayarwa ce gaba ɗaya ko haya, da kuma wanda ke da ikon yin rajista. In an yi maka irin tawa, wannan ba gargaɗin da ke rufe tasha ba ne, kada ka goge bidiyon don tsoro. Ka shigar da ƙorafi, ɗaya ɓangaren yana da kwana 30 ya amsa. In ka shigar cikin kwana 5 na farko, ana riƙe kuɗin tun daga ranar da aka yi da'awar har a warware.

Sunaye kuwa, kowa da aikinsa a layinsa: wanda ya rubuta baiti, wanda ya rera, 'yan amshi, mai kiɗa, mai haɗa sauti, mai ɗaukar hoto, mai tacewa. Don Allah kada ka bar 'yan matan amshi, su aka fi zalunta a harkar nan. Ka tambayi kowa yadda yake son a rubuta sunansa, kuma naka ya zama iri ɗaya ko'ina, ba yau da haruffan Faransanci gobe da na Hausa ba. In kamfanin rarrabawa ya ba ka lambar ISRC, wato lambar shaidar waƙar da aka naɗa, mai harafi da lamba 12, ita ma saka ta.

Akwai wurin zaɓen lasisi, ka bar shi a Licence YouTube standard. Kada wani ya ruɗe ka da Creative Commons, wannan izini ne ka ba duniya ta kwashi bidiyonka ta yi amfani da shi, muddin an ambaci sunanka. Sannan ka sa layi guda da ke nuna inda masu rediyo ko masu fim za su neme ka. Ka kuma leƙa SONACAM, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar mawaƙa ta Kamaru, ka yi wa waƙar rajista.

Taken bidiyo ba ya wuce harafi 100, kuma waya tana yanke shi, don haka sunan waƙa da naka su zo farko. Layi biyu zuwa uku na farkon bayani kaɗai ake gani kafin a latsa, to a nan za ka sa amshin. Wanda ya ji waƙa a wurin kamu bai san sunanta ba, amshin da ya maƙale masa a kai zai rubuta. Ka rubuta shi sau biyu, da ƙ da ɗ, sannan da k da d, domin yawancin mutane ba su da haruffa masu lanƙwasa a wayarsu.

Kalmomin bincike ma haka, yadda mutanenmu ke bugawa:

```
sabuwar waka hausa, wakar biki, wakar amarya,
nanaye, musique haoussa, chanson mariage Garoua
```

Na Faransancin ne ke kawo mini 'yan Gaundare da Injamena. In akwai Fulatanci a baitinka ka faɗa. Amma kada ka cusa sunayen manyan mawaƙan Kano alhali ba sa cikin waƙar. Dokar dandalin ta hana, kuma wanda ya shigo neman gwaninsa ya tarar da kai, nan take zai fita.

Turo mini hoton takardar mai kiɗan naka ta akwatin saƙo in duba maka kafin ka ɗora.