Kujeru ɗaya, ciniki ɗaya, riba biyu: wace takarda zan riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar masana'antar kujerun roba. Bara mun yi 10,000, mun sayar da 8,000. Akantana ya kawo mini takardu biyu, ɗaya ta ce ribar 60,000 muka ci, ɗaya ta ce 40,000, ya kuma ce duk daidai ne. Ga kwafinsu nan na haɗo. Wace zan bi? Ina kuma son in riƙa ba manajana wani kaso na riba a matsayin lada, da wace zan yi lissafin?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, akantanka bai ci maka ko ƙwandala ba. Na duba takardun, kuma 20,000 ɗin da ke tsakaninsu tana cikin sitonka, a jikin kujeru 2,000 da suka rage.

Kuɗin da ake kashewa wajen yin kaya iri biyu ne. Akwai wanda ke bin kaya: roba, ladan mai aiki a kan kowace kujera, wutar da inji ke ci yayin da yake juyawa. A takardarka wannan ya kama 30 a kan kowace kujera, idan ba a yi kujera ba, ba a kashe shi. Akwai kuma tsayayye, wanda ko an yi aiki ko ba a yi ba sai an biya: hayar masana'anta, albashin mai kula da ma'aikata, tsufan inji. Naka 100,000 ne a shekara. Duk saɓanin a kan wannan 100,000 ɗin yake. Kuɗin ofis da na talla, 20,000, takardun biyu duk sun cire shi gaba ɗaya a shekarar, don haka ba shi da hannu a rigimar.

Takarda mai 40,000 ta bi tsarin da akantoci ke kira majinal. Ita ta ce haya ta shekara ce, shekara ta wuce, haya ta tafi da ita. Ka sayar da kujera a 50, ka cire 30, saura 20. Sau 8,000 ya zama 160,000. A cire 100,000, a cire 20,000, saura 40,000. Kujerun da suka rage an ƙiyasta kowace a 30, wato 60,000.

Mai 60,000 kuwa tsarin abzobshan ta bi. Ta ce ai da hayar nan aka samu wurin yin kujerun, don haka kowace kujera ta ɗauki rabonta. An raba 100,000 a kan 10,000, kowace ta sha 10, kuɗin yinta ya koma 40. Waɗanda aka sayar sun tafi da 80,000 daga cikin tsayayyen kuɗin. Ragowar 2,000 suna zaune a sito a kan 40 kowace, wato 80,000 maimakon 60,000, suna goye da 20,000 na hayar bara. Kuɗin ya riga ya fita daga aljihunka, mai gida ya karɓa ya kashe, amma takarda ba za ta cire shi daga riba ba sai ranar da kujerun suka fita.

Ga yadda za ka gwada da kanka a duk lokacin da aka kawo maka irin wannan: ka duba da nawa kayan sito suka ƙaru ko suka ragu daga farkon shekara zuwa ƙarshe, ka ninka da rabon tsayayyen kuɗi na kowane ɗaya. 2,000 sau 10, 20,000. Idan tazarar ba ta yi daidai da wannan ba, to nan ne za ka zaunar da akanta ka yi masa tambayoyi.

Wannan ƙarin riba na 20,000 kuwa bashi ne da ake biya. A ce bana ka yi 8,000 kawai, ka haɗa da na sito ka sayar da 10,000. Majinal zai ba ka 200,000, a cire 120,000, riba 80,000. Abzobshan zai ba ka 10 a kan kowace kujera, 100,000, a cire kuɗin ofis 20,000. Sannan tun da 8,000 kaɗai aka yi, 80,000 kawai kujerun bana suka sha daga cikin 100,000, ragowar 20,000 dole a cire ta kai tsaye. Riba 60,000, daidai da ta bara, alhali ciniki ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Ka haɗa shekarun biyu, kowane tsari 120,000 ya bayar. Na sha ganin mai masana'anta ya yi ta murna a shekarar da sito ya cika, a shekarar da kasuwa ta buɗe kuma ya riƙa zargin ana yi masa sata.

Game da wadda za ka riƙe, a takardun da za su fita waje, wurin banki ko odita, ba ka da zaɓi sosai. Ƙa'idar lissafi ta duniya kan kayan sito, IAS 2, ta wajabta a sa rabon tsayayyen kuɗin sarrafawa cikin darajar kaya, a kuma yi rabon bisa adadin da masana'anta ta saba yi, ba na shekarar da aiki ya ja baya ba. Ta kuma ce idan abin da kayan za su kawo a kasuwa, bayan an cire kuɗin sayar da su, ya gaza kuɗin yinsu, a sauke darajarsu zuwa can. Saboda haka kujerar da ta koɗe a sito ba za ta ci gaba da zama a 40 ba.

A cikin gida kuwa, inda kake yanke shawara, ni majinal zan riƙe, domin ribarsa ciniki take bi. Misali wani ya zo yana son kujeru 1,000 a 36 kowace, injinka kuma yana da sarari. Takardar abzobshan za ta ce faɗuwa ce, 36 bai kai 40 ba. Amma haya ba za ta ƙaru ba don ka karɓi aikin, abin da za ka kashe 30 ne, ka samu ƙarin 6,000. Sai dai kar ka mayar da wannan farashin kullum: idan duk kujerunka suka koma 36, abin da zai rage ba zai isa biyan haya ba.

Maganar manaja ita ta fi damuna. Kada ka ɗaura ladansa a kan ribar abzobshan. Da bara ya yi 12,000 ya sayar da 8,000 ɗin nan dai, kowace kujera za ta ɗauki kusan 8.33, sito ya riƙe kujeru 4,000, ribar takarda ta haura zuwa kusan 73,000. Bai ƙara sayar da ko ƙafar kujera ba, sai ma 60,000 na tsabar kuɗinka da ya ƙara binnewa a cikin roba, kai kuma ka ba shi lada a kai. Ba sai mutum ya zama maha'inci zai yi haka ba, kowa ya ga inda lada yake can zai nufa. Alamar da za ka lura da ita: riba na hawa, sito na cika, asusun banki na ramewa.

Ka ce wa akanta ya riƙa kawo maka na majinal kowane wata, da layi ɗaya a ƙasa da ke nuna adadin kayan sito a farko da ƙarshe da tazarar da suka haifar. Ladan manaja a lissafa shi daga wannan takardar, ka kuma sa iyakar kujerun da za su kwana a sito, duk abin da ya wuce ta sai da sa hannunka.