Talla ta ƙaru, riba ta ragu

"'Yan uwa, mu biyu ne masu gidan ruwan leda a garinmu. Tun da ɗayan ya fara talla a rediyo ni ma na shiga. Yanzu kowa na kashe kuɗi, ciniki bai ƙaru ba, riba sai baya take yi. Ina matsalar take?"

Wallahi ɗan uwa ciwon da ke damunka shi ya cinye mini damina guda. Taki da iri da maganin feshi nake sayarwa a yankin Ringim, kuma shaguna biyu ne na kirki a garin, nawa da na wani bawan Allah.

Ga lissafin yadda ya kasance, na daidaita alƙaluman don sauƙi. A watan ciniki ribar da ke garin gaba ɗaya naira 600,000 ce, kowa 300,000. Talla kuwa, da sanarwar rediyo, da motar lasifika ranar kasuwa, da ɗan abin da ake ba sanƙira, tana cin 80,000. In ni kaɗai na yi, manomansa su karkato wurina, in samu 420,000, a cire 80,000, saura 340,000. Shi kuma ya faɗo 180,000. In mu biyu muka yi, manoma su rabu kamar da, kowa 300,000, a cire 80,000, kowa ya tashi da 220,000.

To ka zauna a kujerata. In ya yi shiru, talla ta fi mini, 340,000 ta fi 300,000. In ya yi talla, nan ma talla ta fi mini, don 220,000 ta fi 180,000. Ko me ya yi, lissafi cewa yake in yi talla. Shi ma haka nasa yake gaya masa. Babu wawa a cikinmu, amma 160,000 ke fita daga garin duk wata, ba a ƙara sayar da ko buhu ɗaya ba. Ƙanena da ya karanta tattalin arziki ya ce sunan abin matsalar fursunoni biyu, tun 1950 masana a Amurka suka tsara ta. Ya ce har kamfanonin taba sigari na can sun sha wannan, sai da doka ta hana su talla a talbijin da rediyo a 1971 suka huta da wannan ɓangaren gasar.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne alkawari. Ni na taka har shagonsa bayan la'asar, na ce Alhaji, mu daina wahalar da kanmu. Ya riƙe hannuna ya ce Malam, magana ta ƙare. Na sallami mai lasifika, na janye sanarwa. Ruwan farko na sauka, daidai makon da kowa ke neman iri da taki, sai na ji motarsa tana zagaya ƙauyuka, har ƙofar shagona ta zo ta tsaya tana kiran sunan shagonsa. Yaransa na raba hula da riga. Mutanen da na ba bashi bara na gani da idona suna ɗaura buhu a babur daga wurinsa. Mutumin da sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci! Da na yi masa magana cewa ya yi wai yara ne suka yi bai sani ba. Yara ne suka biya gidan rediyo? Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Duk da haka na san abin da ya ja shi: ranar da abokin gasa ya yi shiru, ranar karya alkawari ta fi riba.

Kai dai ka fara bincika ko kasuwarku tana girma. Duk sabon mai saye ka tambaye shi a ina yake saye da. In duk daga wurin abokin gasarka suke, ƙwace kawai kuke yi wa juna. In kuwa daga ƙauyukan da ruwan leda bai saba zuwa ba ne, wannan tallar tana kawo sabon kuɗi, kada ka tsayar da ita, can ma ya kamata ka tura motar.

Kuma kada ka janye kai kaɗai, 180,000 ɗin nan ce ke jiranka. In za ku yi sulhu, a gaban sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyarku, a kan abin da ido ke gani, kamar motar lasifika da rediyo. Ka faɗa masa ƙarara: in ya dawo da talla, washegari ka dawo da taka, in ya daina ka daina. Tunda gobe ma kuna tare a gari ɗaya, tsoron ramuwa ya fi rantsuwa riƙe mutum. Amma ban da haɗa baki a kan farashi, wannan cutar masu saye ce.

Af, ka kula da masu karɓar kaya bashi suna cewa ɗayan ya fi ka sauƙi. Rabinsu shi ma haka suke gaya masa a kanka. Ka rubuta sunan kowa da ranar biya, wanda ya saɓa sau biyu sai da kuɗi hannu.