Tsohon Batir Da Sabo A Layi Ɗaya

"Maigida, wani kwastoma yana da inbata mai bolt 24 da batura biyu masu 200Ah, sun yi shekara biyu. Ɗaya ya mutu, yana so in sa masa sabo guda in bar ɗayan. Tunda lambarsu ɗaya, me zai hana? In kuma siris ne matsalar, ba sai in haɗa su faralel ba?"

Lambar 200Ah da ke jikin kwali, wato yawan wutar da batir ke iya riƙewa, ta ranar da ya fito daga kamfani ce. Ajiye wannan a ranka tukuna, mu fara da haɗin kansa.

A siris, kan ja na wannan batir ne kake kai wa kan baƙi na wancan, sauran kawuna biyun su tafi inbata. Bolt ya taru, 12 da 12 ya zama 24, amma Ah yana nan a 200. A faralel kuwa ja da ja ne, baƙi da baƙi, bolt ya tsaya a 12, Ah ya zama 400. Wutar da aka adana duk ɗaya ce, yadda ake fitar da ita ne ya bambanta. To inbatar mutumin nan bolt 24 take so. In ka ba ta faralel 12 za ta gani, ko tashi ba za ta yi ba. Inbata ce ke zaɓar haɗi, ba kai ba.

Abin da nake so ya zauna maka game da siris shi ne hanya ɗaya ce tal. Duk amfiyar da ta ratsa batir na farko, ita ce za ta ratsa na biyu, ba ragi ba ƙari, ko da ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Inbata kuma ba ta ganin kowane batir shi kaɗai, jimillarsu kawai take karantawa.

Mu ɗauki baturan mutumin. Wanda ya saura ya sha caji da sauka kullum har shekara biyu, farantan dalmar da ke cikinsa sun ci, wani sashe farin salfet ya daskare a kai. Mu ce abin da yake iya riƙewa yanzu 140Ah ne. Ka ɗaura masa sabo mai 200Ah cif. Da dare gidan ya ja 100Ah. Sabon ya sauka rabi, wato daidai inda ake son irin wannan batir ya tsaya. Tsohon kuwa 100 aka cire daga 140, ya zubar da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Batirin dalma iya zurfin saukarsa iya saurin tsufansa, ka ga ke nan kowane dare mai raunin ne ke ƙara rauni. Inbata takan yanke wuta wajen bolt 21, da zaton kowanne ya kai 10.5. Amma in sabon yana 11.8, ba za ta yanke ba sai tsohon ya faɗo 9.2. A nan an wuce sauke shi, kashe shi ake yi.

Da safe caji ya zo, labarin ya juya. Tsohon batir cikinsa ya yi tauri, ba ya karɓar wuta da sauƙi, saboda haka bolt ɗinsa kan yi tsalle sama tun bai ƙoshi ba. Caja tana neman jimillar 28.8, da nufin kowanne ya sami 14.4. Sai ka ɗora mita ka tarar tsohon yana 15.4, sabon yana 13.4. Jimilla ta cika, caja ta rage wuta, a ganinta aiki ya ƙare. Tsohon yana tafasa, yana shanye ruwa, jikinsa da ɗumi. In rufaffe ne wanda ba a ƙara masa ruwa, bushewa zai yi, wani ma ya kumbura. Sabon fa? A 13.4 ba zai cika kafin dare ba. Batirin dalma da ke kwana bai cika ba, salfet ɗin da ya kamata caji ya narkar sai ya zauna ya taurare. Yau kaɗan, gobe kaɗan, cikin 'yan watanni sabon ya koma sa'an tsohon.

Na taɓa yin wannan kuskuren ina kamar shekarunka. Mai gidan ya matsa, ni kuma ina jin kunyar cewa a'a. Ba a rufa wata shida ba ya kira ni wai wuta tana ɗaukewa tun tsakar dare. Da na je, tsohon ruwansa ya ja har farantai sun leƙo, ga warin asid ya cika ɗakin, kawunansa sun yi fari fat. Sabon kuwa fes a ido, amma da na ɗora masa lodi sai ya zube. Biyu ya saya daga baya, wato uku ke nan maimakon biyu, kuma ni ya riƙe da laifin.

Faralel, inda inbata mai bolt 12 ce, bai tsira ba, cutar ce ta canza kama. Can bolt ɗaya ne dole, amfiya ce ke rabuwa, kuma sabon ne ke ɗaukar kaso mafi yawa saboda cikinsa a buɗe yake. In an kashe komai ma bai huta ba: tsohon yana tsiyayar da wutarsa shi kaɗai, sabon yana ciyar da shi. Mafi muni shi ne ɗaya daga cikin ɗakuna shida na tsohon ya yi shot. Nan take ya koma batir mai bolt 10 da ɗoriya, sabon ya riƙa antaya masa wuta ba mai tsayarwa, har waya ta ɗau zafi. Shi ya sa nake sa fiyus a kan kowane layi. Kuma ko baturan sa'o'in juna ne, ka yanka wayoyin haɗin tsawo ɗaya kauri ɗaya, ka ɗauki ja daga na farko, baƙi daga na ƙarshe. In ka ɗauki duka biyun a kan batir ɗaya, shi zai riƙa shan wahala.

Kafin ka yi wa mutumin magana, ka auna wanda ya saura, don ka je masa da hujja. Yi masa caji shi kaɗai har ya cika, ka bar shi ya huta 'yan awoyi. Lafiyayye zai nuna wajen 12.7. Amma kar wannan ta ruɗe ka, gajiyayyen batir ma yana iya nuna ta in ba a taɓa shi ba. Ɗora masa lodin amfiya 10 ka duba agogo. A ka'ida mai 200Ah awa 20 zai yi kafin ya kai 10.5, in ya kai a awa 14, to ga 140 ɗinka nan. Da ka gama ka mayar da shi caji, kar ya kwana a sauke. In mai ruwa ne, zuƙi ruwan kowane ɗaki da ma'aunin asid, ɗakin da ya yi ƙasa da 'yan uwansa sosai shi ne mai ciwon.

Akwai ƙaramar na'ura da ake kira balansa, wadda ke daidaita bolt tsakanin baturan siris. Tana da amfani inda tazarar kaɗan ce, amma ba za ta dawo da 60Ah da ya riga ya tafi ba.

Ka ce masa ya sayi biyu, kamfani ɗaya, girma ɗaya, ka kuma duba kwanan watan da aka buga a jikinsu ya zo kusa da juna, don wani batir a ɗakin ajiya yake tsufa. Ka cika kowanne daban kafin ka haɗa. Tsohon kuma ka ware masa ƙaramin aikinsa na bolt 12 da cajarsa, fitilu ko fanka, zai ɗan ƙara kwana a haka. In ya ce kuɗin ɗaya kawai gare shi, gara ka nemo masa na hannu mai shekaru irin na nasa, ka gwada shi da lodi kamar yadda na faɗa maka, su lallaɓa tare har ya tara na sababbi biyun.