Yaron da taifod ya kai mako na uku, ga ciwon ciki

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 yau kwanansa 16 da zazzaɓi. An yi gwajin jini na Widal an ce taifod ne, ya sha sipro kwana uku muka bari da ya ji sauƙi. Tun jiya cikinsa ke ciwo, ya kumbura, amma jikin ya yi sanyi. In ƙara sayo maganin ne?"

Wa'alaikumus salam, Maman Abba. Allah Ya ba shi lafiya. Kada ki je kemis, ki ɗauke shi yanzu zuwa inda ake tiyata, Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, sashen gaggawa. Kada a ba shi kunu, ruwa ko jiƙo a hanya, kada kuma a ba shi maganin wankin ciki ko maganin rage ciwo na diklofenak. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aiki, shi ya sa hankalina ya tashi.

Taifod yana da tafiyarsa. Makon farko zazzaɓi ne mai hawa kaɗan-kaɗan kullum, da ciwon kai da kasala. A mako na biyu sai ya zauna daram wajen digiri 39 zuwa 40, yaro ya daina cin abinci. Duk tsawon wannan lokaci ƙwayar cutar tana cin wasu ƴan kumburi da ke bangon ƙarshen ƙaramin hanji, ƙasa da cibiya ta hannun dama, har su zama gyambo. A mako na uku ne gyambon yakan yi jini, a ga kashi baƙi, ko ya huje gaba ɗaya, abin da ke cikin hanji ya kwarara cikin ciki.

Abin da ke yaudarar iyaye shi ne, idan hanji ya huje, wani lokaci zafin jiki yakan faɗi. Sai a ce Alhamdulillahi, alhali yaron jikinsa ne ke karaya. Ki taɓa cikinsa. Idan ya yi tauri kamar katako, ba ya yarda a danna, yana kwance ba ya son motsi, numfashi sama-sama, bugun jini na sauri, ba kashi ba tusa, to ba maganar ƙwayar magani ba ce kuma.

Akwai wani yaro sa'an naki da aka kawo mana daga wani ƙauye ta wajen Daura, bayan ya kwana biyu da irin wannan ciwo. Ba a shiga da shi tiyata nan take ba, kuma mahaifinsa ya ji haushi, ya ɗauka wulaƙanci ne. Amma jikin da ya bushe ba ya jure maganin barci. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa na ƴan awoyi, aka sa roba ta hanci don zuƙe abin da ya taru a ciki, aka sa ta fitsari don a ga ko ƙoda na aiki, aka fara allurar seftiriyazon da filajil ta jijiya. Hoton ƙirji ya nuna iska ta taru ƙasan huhu, alamar huda ke nan. Da aka buɗe, rami ɗaya ne, aka gyara bakinsa aka ɗinke, aka wanke cikin. Da ramukan suna da yawa kusa da juna, da yanke wannan ɓangaren za a yi a haɗa. Idan kuma ciki ya lalace sosai, akan fito da bakin hanjin ta gefen ciki, kashi ya riƙa fita cikin leda na wasu watanni kafin a mayar. Yawanci jinkirin zuwa ne ke kai mutum ga wannan.

Batun magani kuwa, Widal shi kaɗai ba hujja ba ne, don yakan nuna a jikin wanda ya taɓa yin cutar tuntuni ko mai maleriya. Gwajin da ake dogara da shi shi ne kalca na jini, wato a reni ƙwayar cutar daga jinin da aka ɗiba, wanda ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku ko fiye, ya kuma nuna maganin da zai kashe ƙwayar. Ya fi kamawa idan an ɗebi jinin kafin a fara shan magani. Kuloramfenikol da amoksil da saftirin da muka saba da su da, ƙwayar ta bijire musu a wurare da yawa, sipro ma ya fara bin sahunsu. Don haka likita kan duba: mai iya ci da sha, ba amai, akan ba shi na baki irin azitiromaisin na mako guda, mai amai ko ruɗewa ko kumburin ciki sai kwanciya da allura ta kwana 10 zuwa 14. Ko maganin ya dace, zazzaɓin kan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya sauka, kuma saukarsa ba ta nufin gyambon ya warke.

Ki tafi da kwalin maganin da ya sha da takardar gwajin, ki faɗa wa likita ranar da ciwon cikin ya fara da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe. Ki kuma kira Baban Abba da wani ɗan uwa mai ƙarfi, don mai yiwuwa a nemi jini.