Adireshin imel na ma'aikata idan sunaye sun zo ɗaya

"'Yan'uwa, an ba ni aikin buɗe wa ma'aikatanmu imel a Gombe, mu kusan 200 ne. Masu suna Abubakar Muhammad kaɗai mutum uku ne. Yaya zan yi kada adireshi ya yi karo?"

Malam, na daɗe ina wannan aiki. Kafin ka buɗe ko ɗaya, zauna da takardar albashi ka daidaita rubutun sunayen. Mutum ɗaya sai ka tarar a nan Muhammad, a can Mohammed, a wani fayil Muh'd. In ba ka bi lambar ma'aikaci ba, sai ka buɗe masa adireshi biyu kana zaton mutum biyu ne. Tambayi kowa yadda yake rubuta sunansa, ka tsaya a kai.

A adireshin, mai da komai ƙananan baƙaƙe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Sa'adu ya zama saadu, A'isha ta zama aisha. Cikakken sunan da ƙugiyoyinsa ka bar shi a gurbin sunan da ake gani.

Tsarina shi ne suna, ɗigo, sunan uba: `abubakar.muhammad`. Idan an riga an ɗauka, sai suna na uku, wanda a wajenmu sau da yawa sunan gari ne. Na biyun ya zama `abubakar.kumo`, na ukun `abubakar.dukku`. Na fi son wannan da lamba ƙwarai, domin da shi ake kiransu a ofis. Mai aika takardar sirri ba zai tuna waye 2 waye 3 ba, amma ya san ɗan Kumo. Sai suna na uku ya gaza nake sa lamba. In adiresoshin suna layin C a Excel, wannan zai liƙa ta:

```
=IF(COUNTIF(C$2:C2,C2)=1,C2,C2&COUNTIF(C$2:C2,C2))
```

Da ka gama, kwafe sakamakon ka manna ta Paste Values, in ba haka ba ranar da aka sake jera sunayen lambobin za su sauya masu su.

In kuna amfani da Active Directory, sunan shiga, wato `sAMAccountName`, ba ya wuce baƙi 20. `abdurrahman.abdulkadir` kuwa 22 ne, kuma idan aka datse wutsiyar, lambar da ka sa a ƙarshe ce ke fara tafiya, karon ya dawo. Datse sunan tukuna, sannan ka sa lambar.

Wanda ya yi ritaya ko aka yi masa canjin wurin aiki, don Allah kada ka ba sabon mai irin sunansa adireshinsa. Na ga inda saƙonnin banki da na fansho na wani dattijo suka riƙa faɗawa hannun sabon ma'aikaci. Rufe akwatin, amma bar sunan a jerinka, ka riƙa duba kowane sabon adireshi da jerin gaba ɗaya, har da na waɗanda suka tafi.